Mahaɗi Ba Tagwaye Ba Ne: Ilmin Launi a Kan Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Katsina, ta ratsa Jibiya, ta tsallaka iyaka a Magama, ta faɗa Ɗan Isa sannan ta isa Maraɗi, tsohuwar hanyar tufafi ce. A da, turkuɗin Kura da saƙin ƙasar Kano ne ke bin ta zuwa arewa, wajen Buzaye da sauran mutanen sahara. Daga baya kaya suka juya. A shekarun da Nijeriya ta hana shigo da wasu yadudduka, atamfa da shadda da aka sauke a tashar ruwa ta Kwatano sukan hau har Maraɗi, daga nan su gangaro kudu su ƙare a Kantin Kwari. Saboda haka mutumin wannan yanki ya saba da suturar da kowane ɓangarenta ya fito daga wata kasuwa: atamfa daga Maraɗi, mayafi daga Kano, takalmi daga Katsina, hula daga hannun wani maɗinki da ba a taɓa gani ba.

Wannan sabo yana da tsada idan aka haɗa shi da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wajen masu hali, wato neman kowane abu ya zama launi ɗaya sak. A fahimtarmu ta yau, mahaɗi shi ne mayafin da ya yi kama da atamfa kamar an tsaga kara, da jaka da takalmin da suka yi kama da mayafin. Ra'ayina shi ne wannan ita ce hanya mafi tsada kuma mafi rauni ta haɗa kaya. Wanda ya san yadda launuka ke zama da juna zai kashe kuɗi kaɗan, ya yi shiga mafi kyau, kuma ba zai dogara da sa'ar samun abu iri ɗaya a kasuwanni biyu da iyaka ta raba ba.

Abin da ya sa launi ɗaya sak ke ba da kunya

Dalili na farko yana wajen rini. Ko a masana'anta ɗaya, rinin yau da na wata mai zuwa ba sa fita daidai, domin zafin ruwa da daɗewar yadi a ciki da irin audugar duk suna taɓa sakamakon. Marinan Ƙofar Mata sun san haka tun kafin zuwan inji: tsomi biyu a karofi ɗaya ba lalle su ba da shuɗi ɗaya ba. Wanda ya sayi yadi biyar na shadda, daga baya ya koma neman ƙarin biyar don ya cika babbar riga, sau da yawa yakan dawo da ƙanwar ta farko, ba ita kanta ba. A Jibiya ma komawar ba kullum take yiwuwa ba. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023. Duk wanda tsarin shigarsa ya rataya a kan samun rini iri ɗaya daga tsallake, to ya rataya shi a kan abin da ba ya hannunsa.

Dalili na biyu yana wajen kayan da aka rina. Atamfa auduga ce, yawancin mayafan kasuwa zaren roba ne, takalmi fata ne ko kwaikwayonta, kuma kowanne da irin sinadarin rinin da ke kama shi. Abubuwa biyu da aka rina da sinadarai daban suna iya yin kama a ƙarƙashin ƙwan fitilar shago, su rabu da zarar an fito rana. Wannan ne ya sa mace takan zaɓi mayafi a cikin rumfa tana murna, ta iso gida ta ga ɗaya ya karkata wajen kore, ɗayan wajen shunayya. Ba mai shago ne ya yaudare ta ba, haske ne ya canja.

Dalili na uku shi ne mafi muhimmanci. Ido ba ya damuwa da bambancin da yake a fili, amma yana tsanar bambancin da aka yi ƙoƙarin ɓoyewa. Shuɗi mai duhu kusa da shuɗi mai haske shiga ce da aka yi da niyya. Shuɗi biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba, kuskure ne da kowa zai hango, kuma ɗayansu zai yi kamar ya koɗe. Mai neman launi ɗaya sak yana harbin wuri ƙanƙane, kuma kuskurensa kaɗan ya fi na kowa muni.

Abubuwa uku da ke cikin kowane launi

Kafin a zo ga mafita, sai an raba abin da muke kira launi gida uku, kamar yadda Albert Munsell ya tsara a 1905. Na farko shi ne dangi: ja ne, ko rawaya, ko kore, ko shuɗi. Na biyu shi ne zurfi, wato kusancinsa da fari ko da baƙi. Sararin samaniya da shuɗin turkuɗi dangi ɗaya ne, zurfi ne ya raba su. Na uku shi ne kaifi, wato yadda launin ke tsawa ko yake lafawa. Jan dara yana da kaifi, ruwan makuba kuwa ya lafa, duk da cewa da ja a jininsa.

A kasuwa da na farko kaɗai muke ciniki. Mukan ce a ba mu kore, alhali koren da ke cikin zuciyarmu da wanda ke hannun mai shago sun sha bamban a zurfi da kaifi. Yawancin shigar da ta ƙi zama ba dangi ne ya ɓata ta ba, waɗannan biyun ne.

Su dangogin kuwa an jera su a da'ira tun zamanin Isaac Newton, a littafinsa na 1704. A yadda masu zane ke amfani da ita, ja na biye da ruwan goro, sai rawaya, sai kore, sai shuɗi, sai shunayya, sannan a dawo ja. Daga wannan da'ira hanyoyi uku na haɗa kaya suke fitowa. Akwai 'yan ɗaki ɗaya, wato dangi guda a zurfi daban-daban. Akwai maƙwabta, waɗanda ke zaune kusa da juna a da'irar. Akwai kuma kishiyoyi, masu fuskantar juna: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya.

'Yan ɗaki ɗaya

Wannan ita ce shigar manyan maza a ƙasar Hausa tun da daɗewa, ko da ba a ba ta suna ba. Dubi saƙi, wanda ake saƙa da farin zare da mai baba a ƙananan gidaje kamar zanen zabuwa. Daga nesa ido yakan gauraya su ya ga shuɗi mai laushi, sai a ɗora masa rawanin turkuɗi mai duhu. Dangi ɗaya ne, amma tazarar zurfin a fili take.

Ka'idar ita ce a bar mataki na sosai tsakanin kowane ɓangare da na kusa da shi. A ɗauka mutum ya sayi shadda ruwan sararin samaniya zai yi babbar riga. Idan ya ce wa mai aiki ya nemo zare launin shaddar, zai sami ɗayan biyu: ko aikin ya ɓace a jikin rigar, ya zama an biya kuɗin aska takwas da ba mai gani, ko zaren ya ɗan kauce ya zama kamar datti. Idan kuwa ya zaɓi zaren da ya fi shaddar duhu a fili, ya sa hular da shuɗinta ya fi duka zurfi, shigar za ta hau daki-daki daga haske zuwa duhu, ta kai idon mai kallo ga fuska. Ba ya bukatar rini ya dace, saboda haka hula daga Maiduguri da shadda daga Maraɗi za su zauna lafiya.

Akwai gwaji mai sauƙi. A jera kayan, a ɗauke su hoto da waya, a mai da hoton baƙi da fari. Hoton zai kashe dangi da kaifi ya bar zurfi kaɗai. Idan shadda da zare da hula duk suka zama toka iri ɗaya, babu mataki a tsakaninsu, shigar za ta yi lami. Idan aka ga toka uku mabambanta, an dace.

Maƙwabta

Maƙwabta suna zaman lafiya saboda suna da jini ɗaya. Ruwan goro yana da ja da rawaya a cikinsa, don haka yana shiga da kowannensu. Shigar da ta haɗa ruwan zuma da ruwan goro da ruwan makuba tana da ɗumi, wadda ta haɗa kore da tsanwa mai shuɗi-shuɗi da shuɗi tana da sanyi. Ga mazaunin yanki irin Jibiya, inda ƙurar hunturu ke sauka a kan komai, dangin ɗumi suna da wata fa'ida ta zahiri: ƙura ɗiyar gidansu ce, ba ta saurin tona musu asiri kamar yadda take yi wa baƙi da shuɗi mai duhu.

Inda maƙwabta ke ɓaci shi ne idan kowanne ya zo da cikakken kaifinsa kuma da girma ɗaya. Ja mai tsawa da ruwan hoda mai tsawa da ruwan goro mai tsawa, kowanne ya ci kashi ɗaya cikin uku na jiki, gardama ce ba shugaba. Dole ɗaya ya zama uban gida ya ɗauki fiye da rabin jiki, na biyu ya rage kaifi ya bi shi, na uku ya tsaya a ƙananan wurare kamar ɗankwali ko bakin hannu. Kuma kada a wuce dangi uku, domin na huɗu ya riga ya fita unguwa.

Kishiyoyi

A nan ne ilmin ya fi amfani, kuma asalinsa daga rini ne. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris. Aka kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da suke rinawa ba shi da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa sakamakon a 1839: kowane launi yana tura maƙwabcinsa wajen kishiyarsa. Toka kusa da ja takan yi kore-kore, kusa da shuɗi takan yi ɗumi. Idan kuwa kishiyoyin da kansu aka haɗa, kowanne sai ya ƙara wa ɗan'uwansa kaifi.

Kowa na iya gwada wannan a gida. A zuba wa jan ƙyalle ido na rabin minti, sannan a dubi farin bango, za a ga inuwa mai kore da shuɗi-shuɗi. Gwajin yana kuma nuna iyakar da'irar masu zane, domin abin da ido ke ba da shi a matsayin kishiyar ja ya fi karkata wajen shuɗi fiye da koren da ke littafi. Da'irar taswira ce ta kusan-kusan, ba ma'auni ba ce.

Misali mafi kusa na kishiyoyi da cikakken ƙarfinsu shi ne kayan dogarai a fadar Katsina da sauran masarautu: ja da kore, dukkansu masu kaifi, kusan rabi da rabi. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi, domin aikin dogari a gan shi daga nesa a cikin taron hawan salla. Amma abin da ya dace da dogari bai dace da mai zuwa ɗaurin aure ba. Wanda ya sa koriyar shadda mai tsawa ya ɗora jar dara, ya ari kayan aikin da ba nasa ba.

Maganin yana cikin rabo da rage kaifi. Johannes Itten, a littafinsa na 1961, ya kawo wani ƙiyasi da ake dangantawa da Goethe: ja da kore sukan yi daidai a rabi da rabi, ruwan goro kashi ɗaya yana ɗaukar shuɗi kashi biyu, rawaya kashi ɗaya tana ɗaukar shunayya kashi uku, saboda launi mai haske ya fi ƙarfin murya. Wannan lissafi na masu zane ne da ke son launukan biyu su yi kunnen doki. A sutura ba kunnen doki ake nema ba, ana so ɗaya ya yi mulki, don haka rabon kishiya ya kamata ya yi ƙasa da haka sosai. Maɗinkan ƙarni na 19 sun san sirrin ƙaramin rabo. Sukan yi babbar riga ta saƙi mai duhu, su yi mata shafi da jan alharinin da ake kawowa ta sahara, a ciki wajen bakin riga, yadda ba a ganinsa sai mai rigar ya yi tafiya ko ya naɗe hannu. Launi mafi ƙarfi shi aka ba wuri mafi ƙanƙanta.

Atamfa guda, mayafi uku

A ɗauka an fitar da ankon biki, turmi ɗaya mai yadi shida ga kowace mace. Kasan atamfar shuɗi ne mai duhu, ya ci kamar kashi bakwai cikin goma. Furanninta ruwan goro ne, kamar kashi biyu, sai ɗigo-ɗigon ruwan madara da suka ci ragowar. Mai zanen atamfar ya riga ya haɗa kishiyoyi, ya kuma daidaita rabonsu. Abin da ya rage wa mai sawa shi ne kada ta rushe lissafinsa, kuma mayafi babban abu ne, yana iya rufe rabin jiki.

Zaɓin da aka fi yi shi ne mayafi ruwan goro, a ce an ɗauko launin furen. Da zarar an yafa shi, ruwan goron da yake kashi biyu ya haura ya kai rabin abin da ido ke gani, ya yi kunnen doki da shuɗin, har ya fi shi amo. An koma shigar dogari. Ga kuma matsalar rini, domin ruwan goron zaren roba da na auduga da wuya su dace, kuma suna manne da juna inda kowa zai gwada su.

Zaɓi na biyu shi ne shuɗi irin na kasan atamfar. Ya fi na farko natsuwa, amma nan ne tarkon kusan-daidai yake. Idan za a bi shuɗi, a bi wanda ya fi kasan haske a fili, ya zama ɗan ɗakinsa, ba tagwayensa ba.

Zaɓi na uku shi ne ruwan madara, launin da ya fi ƙanƙanta a atamfar. Ba shi da kaifin da zai yi gardama da kowa, yana da haske inda atamfar take da duhu, kuma ko ya ɗan kauce daga na ɗigon ba mai lura, domin ɗigon ƙanana ne. Sai a bar ruwan goro ga jaka ko takalmi, ɗayansu kawai, ko a sauke shi ya zama ruwan zuma ko na gwal. Nisan da ke tsakanin takalmi da furen riga ya isa ya ɓoye bambancin rini. A lura kuma mayafi mai shara-shara yana ɗaukar launin abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka a kan atamfar ake gwada shi, ba a hannu ba, kuma a bakin ƙofar shago inda hasken rana yake, kusa da fuska. Fata ma launi ce a cikin lissafin. Fatarmu, mai duhu da mai haske, tana cikin dangin ruwan ƙasa, wanda ruwan goro ne da ya lafa, kuma wannan na cikin dalilan da shuɗi ke fito da ita.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce ɗanɗano al'ada ce, kuma ba Bature ne zai koya wa jikan marina haɗa launi ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ma'anar launi ta al'ada ce: farin kaya ranar Juma'a da na idi ba da'ira ce ta zaɓe su ba, kuma hasken ranarmu yana ɗaukar kaifin da zai yi yawa a ƙasar da hadari ke rufe sama rabin shekara. Amma yadda ja ke tura toka wajen kore ba al'ada ba ce, halittar ido ce, ɗaya take a Paris da Maraɗi. Misalan da suka fi ƙarfi a nan ma namu ne: saƙi da turkuɗi, shafin alharini, kayan dogarai. Abin da littafi ya ƙara shi ne suna, kuma suna yana da amfani ga wanda zai yi sayayya ta waya, ya aika kuɗi tsallaken iyaka, a aiko masa da kayan da bai taɓa ba. Hoton waya ba ya riƙe amanar launi. Mai cewa a nemo masa irin wannan sak yana neman abin da hoto ba zai iya tabbatarwa ba. Mai cewa a nemo shuɗin da ya fi wannan haske sosai, ko ruwan madara marar ƙyalli, ya ba da saƙon da ɗan aike zai iya cikawa a kowace kasuwa.

Almakashi ba ya komawa baya, kuma yadin da tela ya yanka ya zama na mai shi. Kafin a kai ga nan, tambayoyi uku sun isa: wane launi ne uban gida a wannan shiga, akwai mataki na sosai tsakanin haske da duhu, kuma mai kaifin cikinsu wuri nawa ya ci? Wanda ya amsa su zai ga cewa mayafi ɗaya mai kyau yana iya bin atamfa biyar, hula ɗaya tana iya bin shadda uku, kuma akwatin lefe ba ya bukatar takalmi ga kowane turmi.